Kundin aiki: zaɓen rizista don fitilar cikin kabad

7 ga Maris

Aikin ƙarami ne. Ina son fitila a cikin kabad ɗin kayan aiki, wadda za ta kama idan an buɗe ƙofa, ta mutu idan an rufe. Abubuwan da ke hannu: gidan batir mai cin ƙwaya uku na AA, ƙwan LED fari mai milimita 5, makunnin ƙofa, da jakar rizistoci masu rubu'in wat. Kowane batirin alkalin an rubuta masa bolt 1.5, uku a jere sun zama 4.5 ke nan. Abin da ya rage a yanke shi ne girman rizistar da za ta shiga tsakanin batir da ƙwan.

Dalilin sa ta tun farko shi ne LED ba ya da halin tsohon ƙwai mai zare a ciki. Shi wancan idan ya yi zafi sai ya ƙara tauri ga wuta, ya rage wa kansa ci. LED kuwa dayod ne. Kafin boltej ya kai wani mizani kusan ba ya barin komai ya wuce, da zarar ya kai kuma sai ƙofa ta buɗe, ƙarin kashi ɗaya ko biyu cikin goma na bolt ya isa ya ninka karant ɗin da ke bi ta cikinsa. Ga wani ƙarin sharri: idan ya ɗumama, boltej ɗin da yake buƙata yana ɗan sauka, sai ya ƙara jan wuta, sai ya ƙara zafi. Ba shi da birki na kansa. Rizista ce birkin.

Takardar bayanin ƙwan ta ce a miliamfiya 20 yana cin bolt 3.0 zuwa 3.4, mafi yawa 3.2. Wannan shi ne abin da ake samu a fararen ƙwai da shuɗaye. Ba mamaki suka zo ɗaya, domin farin LED shuɗi ne a asalinsa, an lulluɓe shi da sinadarin fosfo mai mayar da wani sashe na hasken rawaya, ido ya haɗa su ya ga fari. Shuɗin kansa bai yi hasken kirki ba sai farkon shekarun 1990, aikin da ya sa Akasaki da Amano da Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Jan ƙwai kuwa bolt 1.8 zuwa 2.2 yake ci, shi ya sa lissafinsa daban ne.

Lissafin dokar Ohm ce kawai. Abin da batir ya bayar, ƙwai ya ɗauki rabonsa, saura ya faɗa kan rizista. A raba wannan sauran da karant ɗin da ake so, a amfiya:

```
R = (Vb - Vf) / I
R = (4.5 - 3.2) / 0.020 = 65
```

Babu rizista mai om 65 a jakata, kuma ba a saba samunta ba. Waɗanda aka fi ƙerawa suna bin jerin E12: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82, sai a riƙa ƙara sifiri. Ta kusa daga sama ita ce 68. A nan mafi yawan mutane suke tsayawa su ɗauko dalma. Ni na rubuta 68 da fensir tukuna, don dukkan lambobin da na zuba cikin lissafin daga rubutun jikin kaya suka fito, ba daga mita ba.

9 ga Maris

Yau na ɗora mita kan sababbin batura. Kowanne ya nuna kusan 1.6, ukun a haɗe 4.8. Ba laifin kamfani ba ne, haka sabon alkalin yake fitowa. Lambar 1.5 suna ce kawai. Batirin yana farawa sama da ita, ya ratsa ta da wuri, ya yi mafi yawan rayuwarsa ƙasa da ita.

Bambancin 0.3 kamar ba komai ba ne idan aka gwada shi da 4.5. Amma ba da 4.5 ake gwada shi ba. Ƙwai ya riga ya riƙe rabonsa na bolt uku da 'yan kai, ba ya motsawa sosai, saboda haka duk ƙarin kan rizista yake sauka. Ita kuwa 1.3 kawai na ba ta a lissafi. Daga 1.3 zuwa 1.6 ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma karant zai tashi da daidai wannan gwargwado.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Takarda ba ta yi alkawarin 3.2 ba, ta ce tsakanin 3.0 da 3.4. Idan ƙwan da ya faɗo hannuna na ƙasan ne, rizista ta ƙara samun 0.2. In aka haɗa sabon batir da irin wannan ƙwai a kan om 68:

```
I = (4.8 - 3.0) / 68 = 0.0265
```

Miliamfiya 26 da rabi ke nan, a wurin da na nufi 20. Ƙwan ba zai fashe nan take ba. Takardarsa ta sa iyakar ƙarshe a 30, kuma a zahiri rabon ƙwan zai ɗan hau da hawan karant, ya rage kaɗan. Amma iyakar ƙarshe ba wurin zama ba ce, an auna ta ne a ɗaki mai matsakaicin zafi na digiri 25, kuma tana raguwa idan wurin ya fi haka ɗumi. Ƙananan fararen ƙwai da aka matsa wa lamba ba su cika mutuwa farat ɗaya ba. Dusashewa suke yi a hankali, roba da fosfon da ke kan ƙwayar su gaji, launin ya sauya, mutum ya yi ta zargin batir.

Saboda haka na juya lissafin. Maimakon in tambayi wace rizista ce za ta ba ni 20 a rana mai kyau, sai na tambayi wacce ce ba za ta bar karant ya wuce 20 ba a mafi munin haɗuwa, wato batir mafi cika da ƙwai mafi ƙarancin ci:

```
R = (4.8 - 3.0) / 0.020 = 90
```

Tsakanin 82 da 100 ta faɗa. Sama ake hawa, don rizista mafi girma ƙarancin karant take nufi. Om 100 ke nan, mai zobba ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, sai na zinare a ƙarshe. Zoben zinaren yana cewa tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, wato ta yiwu 95 ce a gaskiya. Ko da 95 ɗin, 1.8 a raba da 95 ya ba da miliamfiya 19 ne. Har yanzu ƙasa da 20. Na goge 68.

12 ga Maris

Na haɗa a kan allon gwaji, ba dalma. Doguwar ƙafar ƙwai ta fuskanci fozitif, gajeriyar, wadda ke gefen da aka ɗan shafe bakin robar, ta fuskanci negatif. Rizista ba ta da gaba ko baya, kuma ko a gaban ƙwai aka sa ta ko a bayansa duk ɗaya ne, tunda hanya guda ce wutar ke bi. Idan aka juya ƙwai a kan wannan batir ba zai kama ba, shi ke nan. Yawancinsu an rubuta musu jure bolt 5 ta baya, 4.8 bai kai ba. A kan batir mai 9 ko 12 ba zan yi wannan sakacin ba.

Don auna karant ban yanke layi na sa mita a tsakani ba. Na bar ta a ma'aunin bolt, na ɗora tsinkayenta a ƙafafun rizista biyu. Tunda na san girman rizistar, abin da ya faɗa kanta ya gaya mini komai. Ta nuna 1.76, a raba da 100, miliamfiya 17.6. A kan ƙwai 3.0, a bakin batir 4.76. In ka tara boltej ɗin rizista da na ƙwai suka ba ka na batir, ka san babu inda wuta ke ɓacewa a hanya. In suka gaza, a duba makunni ko sifirin ɗin gidan batir, galibi can tsatsa ko sako-sako yake.

Na fi son wannan hanya saboda dalili biyu. Mita a ma'aunin miliamfiya tana da 'yar rizista a cikinta, a layin da ɗan abin da ya rage bai kai bolt biyu ba tana iya rage karant ɗin da ake son aunawa. Na biyu, wanda ya manta ta a ma'aunin karant ya je ya taɓa bakin batir da ita, fis ɗin ciki ya tafi.

Ƙwan nawa ya fito a mafi ƙarancin abin da takarda ta faɗa, 3.0, wato da 68 ɗin na tsaya, da a mummunan lissafin nan zan sauka.

Zafin rizista ba abin damuwa ba ne a nan, amma na duba don a rubuta:

```
P = V * I = 1.76 * 0.0176 = 0.031
```

Rizistar rubu'in wat tana ɗaukar 0.25, ni kuma na saba barin rabi a matsayin sarari. Wannan ko kashi ɗaya cikin bakwai na 0.25 ɗin bai kai ba. Na taɓa ta da yatsa bayan ta daɗe a kunne, sanyi ƙalau.

15 ga Maris

Ƙanena ya tarar da ni ina wannan aune-aune, ya ɗauki batirin maɓalli CR2032 ya matse ƙafafun wani ƙwai a gefensa biyu, ya kama. Ya ce, "Yaya, ga shi babu rizista, kuma bai ƙone ba. Wahalar me kake sha?"

Na ce masa rizistar tana nan, a cikin batirin take. Wannan ƙaramin batir yana da taurin ciki na om goma ko fiye tun yana sabo, yana kuma ƙaruwa da tsufa, don haka da ƙwai ya fara ja sai boltej ɗinsa ya durƙusa. Ga shi bolt 3 ne kawai, da ƙyar ya kai rabon farin ƙwai. AA ba haka yake ba. Taurin cikinsa bai kai om ɗaya ba, sabo yana iya zubo amfiyoyi idan aka buɗe masa hanya. Uku daga cikinsu kai tsaye a kan ƙwai mai milimita 5, haske ne mai ƙarfi na ɗan lokaci, daga nan duhu. Bai gamsu sosai ba, amma bai nemi in ba shi ƙwai ya gwada ba.

19 ga Maris

Na gama da tsoron sama, yau na duba ƙasa. Om 100 ta kare ƙwai daga sabon batir, to me za ta yi masa idan batir ya tsufa? Na tattaro tsofaffin batura daga agogo da rimot, na ware su da mita gida-gida.

Da masu kusan 1.3 kowanne, jimla 3.9, ƙwai ya ci 2.9, rizista ta sami 1.0, karant miliamfiya 10. Da masu 1.1, jimla 3.3, ƙwai ya sauko 2.75, rizista ta tashi da 0.55, karant biyar da rabi. Abin lura shi ne rabon ƙwai ba tsayayyen lamba ba ne kamar yadda lissafin farko ya ɗauka. Yana sauka kaɗan-kaɗan da raguwar karant. Wannan ne ya sa fitilar ba ta mutuwa da zarar batir ya taɓa 3.2, sai ta yi ta ja da baya a hankali.

Daga 17.6 zuwa 5.5, karant ya ragu ninki uku, alhali boltej na batir bai faɗi da kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan shi ne kuɗin da ake biya idan tazarar da ke tsakanin batir da ƙwai ta yi ƙanƙanta. Rizista ba ta san komai ba sai abin da ya faɗa kanta. Idan rabonta kaɗan ne, duk ɗan motsin batir babban motsi ne a wurinta.

Amma ido bai ga ninki uku ba. A 10 sai da na sa su gefe da gefe kafin na bambance shi da na 17. A biyar da rabi an san ya ragu, duk da haka ana karanta lambar jikin sukundireba a cikin kabad. Ido ba ya auna haske a miƙe, rabin haske ba ya zame masa rabin gani. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa bin 20 sau da ƙafa ba shi da riba. Lambar gwaji ce da masu ƙera suka auna sauran bayanai a kanta, ba umarni ba ne.

Na yi tunanin komawa batir mai bolt 9, na zauna na lissafa. Ƙananan ƙwayoyi shida ne a cikinsa, sabo yana kai wa 9.6. A cire 3.0, a raba da 0.020, ya ba da 330 cif, wadda ba ta bar sarari ga kuskuren kashi 5 ba, don haka 390. Sabo zai ba da kusan miliamfiya 17. Idan ya gaji daidai gajiyar waɗancan, 1.1 kowace ƙwaya, jimla 6.6, zai ba da kusan 9 da rabi. Raguwar ba ta kai ninki biyu ba. Haske mai tsayuwa, babu musu.

Sai dai dubi inda ƙarfin ke tafiya. Daga 9.6, ƙwai 3.0 kawai yake amfana da shi, 6.6 rizista ce ke mayar da shi zafi, kashi biyu cikin uku ke nan. A kan AA uku kuwa ƙwai ne ke cin kaso mafi tsoka. Ƙari a kan haka, batirin 9 na alkalin yana riƙe da abin da bai fi miliamfiya-awa 500 zuwa 600 ba, AA kuwa ya haura 2000 idan ana jansa a hankali. Ga fitilar kabad da ba wanda zai damu in ta ɗan dusashe, AA ya ci. Da fitilar alama ce a jikin na'ura da ake son ta tsaya yadda take, da na sake tunani.

23 ga Maris

Ƙwai ɗaya bai isa ga shiryayye na ƙasa ba, na ƙara na biyu. A jere ba zai yiwu ba, fari biyu suna son bolt 6, ni 4.8 nake da shi a rana mafi kyau. Dole kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ke zuwa rai shi ne a haɗa ƙafafunsu, a sa rizista guda mai rabin girma, kamar 47. Ban yi ba. Ƙwai biyu daga leda ɗaya ba su zama tagwaye ba. Na biyun da na auna a kan om 100 ya ci 3.08. Idan aka ɗaure su wuri guda dole su zauna a boltej ɗaya, mai ƙarancin ci ya kwashe kaso mafi yawa, ya fi zafi, ya ƙara kwasa. Ranar da ɗaya ya yanke kuma, wutar da aka auna wa biyu ta koma kan ɗaya: 1.8 a raba da 47 ya kusa miliamfiya 38, ko da rabon ƙwan ya ɗan hau ya rage ta, ta wuce iyaka. Don in gani da ido, na haɗa ja da fari a bayan rizista guda mai 330. Jan ya kama, farin ko ƙyaftawa bai yi ba, saboda jan ya riƙe layin a kusan bolt 2.

Kowane ƙwai da rizistarsa mai om 100. Na farko 17 da 'yan kai, na biyu kusan 16 da rabi, ido ba ya raba su.

28 ga Maris

Wata tambaya ta taso kafin in kama dalma: wane batir za a sa nan gaba? Gidan AA yana karɓar duk abin da ya yi girman AA. Na gwada masu caji na NiMH. Daga caja suna fitowa da kusan 1.4, amma nan da nan suke sauka su zauna a wajen 1.2 har kusan ƙarshe. Jimla 3.6, karant tsakanin 7 da 8. Da su kaɗai za a riƙa amfani, da na sauko zuwa 68 ko 56 don ƙarin haske. Amma ba ni da tabbacin cewa wani ba zai sa sabon alkalin wata rana ba, kuma rizista ba ta tambayar wa ya sa batir. Ta zauna a 100.

Akwai kuma AA na litiyam marasa caji, waɗanda sababbinsu ke nuna kusan 1.8. Uku 5.4 ke nan, a kan om 100 za su tura kamar miliamfiya 23 a farko. Bai kai iyakar 30 ba, amma ya wuce layin da na ja. Om 120 za ta mayar da shi 20, ta kuma rage wa alkalin haske kaɗan. Ba na amfani da irin waɗannan, don haka na liƙa takarda a cikin murfin gidan batir na rubuta alkalin ko masu caji kawai.

Na yi dalma. Kowace rizista kusa da ƙwanta, a ƙafar fozitif, an sa mata rigar roba mai matsewa da zafi don kada ƙafafu su taɓa juna. Na riƙe ƙafar ƙwai da filaya tsakanin dalma da kan robar, kuma ban bar ƙarfen ya daɗe ba, don zafin da ke hawa ta ƙafa yana lalata ƙwai kamar yadda yawan karant ke yi. Bayan haɗawa na sake aunawa a kan kowace rizista, lambobin ba su sauya ba.

A lissafi, ƙwai biyu za su ci matsakaicin miliamfiya 22 a tsawon rayuwar batir, wanda ya kamata ya ba da kimanin awa 90 na haske daga 2000. Wannan hasashe ne na takarda. Na sa sabon saiti, na rubuta 4.8 a jikin ƙofa daga ciki, zan riƙa ɗora mita a kan rizistar farko lokaci-lokaci ina ƙara lamba a ƙasa. Makunnin ƙofar kuma yana buƙatar ɗan katako a bayansa, don yanzu sai an danna ƙofar da ƙarfi fitilar ke mutuwa.